Bayanin Kuɗin Kayan da Aka Ƙera

Bayanin kuɗin kayan da aka ƙera lissafi ne da ke nuna abin da masana'anta ta kashe kan kayan da ta kammala a shekara.

Misali, maƙerin tukwane a kasuwar Panteka, Kaduna, ya fara shekara da alminiyam na ₦200,000, ya sayo na ₦900,000, na ₦100,000 ya saura. Ya narkar da na ₦1,000,000 ke nan. Ladan ma'aikata, gawayi da haya sun ci ₦500,000. Sai a ƙara kuɗin tukwanen da bara aka bari ba a gama ba, ₦150,000, a cire irinsu na ƙarshen bana, ₦250,000. Amsar ita ce ₦1,400,000.

Gamammun tukwanen da ke ajiye ba sa shiga wannan lissafi, sai wajen fitar da kuɗin kayan da aka sayar.