Yadda ake karanta layin harajin VAT a rasit ɗin Kwatano, da yadda ake duba lissafinsa

'Yan kasuwarmu na Legas da Ibadan masu sarin kaya a Kwatano sun san rasit ɗin can da Faransanci yake zuwa. Da yawa layin ƙarshe kawai suke dubawa su biya. Ni kuwa layuka uku nake nema a kowane rasit, don a tsakaninsu kuɗi ke ɓacewa.

Na farko shi ne HT, wato kuɗin kaya tsantsa kafin a ɗora haraji. Na biyu TVA, shi ne abin da muke kira VAT a nan Najeriya. Namu kashi 7.5 cikin ɗari ne tun watan Fabrairun 2020, na Jamhuriyar Benin kuwa kashi 18 ne. Na uku TTC, jimlar da za ka biya, haraji na ciki. Ƙa'idar ita ce: HT a haɗa da TVA, dole su ba da TTC.

Sai a lura da yadda suke rubuta lamba. Su ɗigo ko tazara suke sawa a wurin da muke sa waƙafi. Idan ka ga 566.400 ko 566 400, to saifa dubu ɗari biyar da sittin da shida da ɗari huɗu ake nufi.

Bari in kawo misali. A ce ka sari turmin atamfa 40, kowane a kan saifa 12,500 kafin haraji. Farko ka ninka da kanka: 40 sau 12,500 ya ba da 500,000. Mai shago ya yi maka ragin kashi 4 cikin ɗari, za ka gan shi a layin da aka rubuta Remise, wato 20,000. Saura 480,000, kuma a kan wannan ne ake lissafa haraji. A kalkuletar wayarka ka buga:

```
480000 × 0.18 = 86400
480000 + 86400 = 566400
```

To, idan TVA ɗin da ke rasit 86,400 ne, TTC kuma 566,400, lissafi ya yi daidai.

Kuskuren da na fi cin karo da shi shi ne lissafa haraji kafin a cire ragi. Kashi 18 na 500,000 shi ne 90,000. Idan ka ga wannan adadin a layin TVA, jimla ta zama 570,000, an ɗora maka 3,600 a kan kuɗin da ba ka biya ba. Ka nuna wa mai shago, ya gyara.

Akwai wanda ya fi wannan ciwo, wato ɗora haraji sau biyu. Idan a bakin ciniki an ce maka 12,500 ɗin nan har da haraji a ciki, to 500,000 ita ce TTC, ba a ƙara komai a kanta. In aka rubuta ta a layin HT aka sake ɗora kashi 18, sai ka ga 590,000. Shi ya sa tun kafin a ɗauki biro nake tambaya: farashin nan HT ne ko TTC?

Wani lokacin TTC kaɗai ake ba ka, kana son sanin nawa ne harajin da ke ciki. Kada ka cire kashi 18 daga jimlar, amsar ba za ta fito daidai ba, domin an ɗora harajin ne a kan ƙaramin adadi. Rabawa ake yi:

```
566400 ÷ 1.18 = 480000
```

Abin da ya rage tsakaninsu, 86,400, shi ne harajin. Da ka cire kashi 18 kai tsaye, da 101,952 za ka samu, ka ɗauka an cuce ka alhali ba a yi ba. Bambancin saifa ɗaya ko biyu kuwa ba abin rigima ba ne, cike lamba ne ke kawo shi. Idan kuma ka ga Exonéré a gaban wani kaya, an yafe masa haraji, sai ka ware kuɗinsa kafin ka ninka.

Abu na ƙarshe: harajin da ka biya a Kwatano na gwamnatin Benin ne. Ba ya ɗauke maka kuɗin kwastan da VAT ɗin Najeriya idan kaya sun iso Seme. Duka biyun ka sa su cikin uwar kuɗi kafin ka yanke farashin da za ka sayar.