Yanayin da Aka Yi Watsi da Shi a Maƙirgi Mai Matakai Shida

Tsakure

Maƙalar ta kwatanta tsari biyu na maƙirgin da duk filif-fulof ɗinsa ke motsawa da bugun agogo guda. Ta nuna cewa ƙarancin ƙofofi kaɗai bai isa hujjar zaɓen tsari ba.

Gabatarwa

Tun da Maurice Karnaugh ya fitar da taswirarsa a 1953, ɗalibai suka saba sa alamar X a duk yanayin da maƙirgi ba ya bi, su rage lissafi, su tashi. Da wannan al'ada binciken yake jayayya. Filif-fulof uku suna ba da yanayi takwas, maƙirgi mai matakai shida kuwa, irin mai ƙirga goma-goma na daƙiƙu a agogo, shida kawai yake amfani da su. Sauran biyun suna nan, kuma yana iya faɗawa cikinsu lokacin kunna wuta.

Hanyar Bincike

An zana jadawalin yanayin yanzu da na gaba a jerin Q2Q1Q0, an fitar da mashigai, sannan aka bi kowane yanayi da hannu.

Sakamako

Tsarin farko yana ƙirga 000 zuwa 101 da JK. Ƙa'idarsa ita ce: daga 0 zuwa 1, J ya zama 1, daga 1 zuwa 0, K ya zama 1, ɗayan mashigin kuma ko oho. Ƙofofin AND biyu sun wadatar:

```
J0 = K0 = 1
J1 = Q0·Q2'   K1 = Q0
J2 = Q0·Q1    K2 = Q0
```

Idan ya faɗa 110, bugu ɗaya ya kai shi 111, na biyu ya dawo da shi 000. Da kansa yake komawa hanya.

Tsari na biyu, maƙirgin Johnson da filif-fulof D, ya fi jan hankali domin ba ya buƙatar ƙofa ko ɗaya: D0 = Q2', D1 = Q0, D2 = Q1. Yana bin 000, 001, 011, 111, 110, 100. To amma a gwada 010. D0 zai zama 1, D1 ya zama 0, D2 ya zama 1, wato 101. Daga 101 kuma lissafin ya mayar da shi 010. Haka zai yi ta kai da komo har a kashe wuta ko a share shi. Alamarsa a bayyane take: kowace mafita tana juyawa a duk bugu, maimakon ta tsaya bugu uku.

Gyaran ƙofofi biyu ne:

```
D1 = Q0·(Q1 + Q2')
```

Yanzu 101 yana zuwa 000, matakai shidan kuma ba su canza ba.

Iyakar Bincike

Gaskiya ne, a takarda aka yi aikin, ba a auna jinkirin ƙofofi ba. Jinkiri yana rage saurin agogon da maƙirgi zai jure, amma ba ya canza inda 010 ke zuwa.

Bayan gyara, tsarin biyu sun yi kunnen doki, kowanne da ƙofofi biyu.