Katin banki ya ɓace ko an sace: a fara da waya, kafin a nemi mota

Masu saurarenmu na Tarka da kewaye, da ƴan uwa da ke ci-rani a Agadas, Kano ko Libiya, sukan tambaye mu abin da mutum zai yi in katinsa na banki ya salwanta. Kuskuren da muka fi gani shi ne a jira sai an samu motar Damagaram. Kwana biyu na jira sun ishi ɓarawo ya share albashin wata.

Ba sai ka je da ƙafarka ba kafin a rufe kati. Dokar biyan kuɗi ta ƙasashen UEMOA, mai lamba 15 ta shekarar 2002, wadda Nijar ke aiki da ita, ta yarda a rufe kati ta wayar tarho in ya ɓace, ko an sace, ko wani ya yi zamba da shi. A banki ana ce wa wannan opozisiyo. Ko ba ka riƙe lambar katin a ka ba, dole a saurare ka. Za a tambaye ka suna da abin da zai nuna kai ne mai asusun. Lambar da ake kira galibi tana bayan katin, shi ya sa muke cewa a kwafe ta a waya tun yau, domin kati in ya tafi da lambar yake tafiya. Ka rubuta rana da ƙarfen da ka kira, ka nemi lambar shaidar rufewar. Ma'aikacin banki na gaskiya ba ya tambayar kod ɗinka na sirri. Wanda ya tambaya, katse wayar.

Amma waya kaɗai ba ta isa ba. Dokar ta ce a tabbatar da kiran cikin awa 24 na ranakun aiki, tare da takardun shaida. Ga mu mutanen Damargu nan ne wuyar take, don haka ka biya wurin jandarma ko ƴan sanda a yi maka takardar ɓata, ka ɗauki katin ɗan ƙasa, ka isa reshen bankinka a ranar aiki ta farko. Ka bar musu buƙatarka a rubuce, su buga hatimi a kan kwafinka.

A nan za ka cika takardar neman sabon kati. Yana zuwa da sabuwar lamba, ba a ranar ake bayarwa ba, kuma akwai kuɗin da ake cirewa, kowane banki da farashinsa. Kafin ya fito asusunka na nan, kana iya karɓar kuɗi a hannun mai kes da katin ɗan ƙasa. In tsohon ya fito daga aljihun wata riga, kada ka sa shi a na'ura. Ka maida wa banki.

Kada ka fita sai ka karɓi takardar shige da ficen asusun, wato relebe. Bari mu yi misali da malamin makaranta. Katinsa ya faɗi a motar kasuwa ran Juma'a, ya lura da safiyar Asabar, ya kira da ƙarfe 9:20. Ran Litinin takarda ta nuna layi uku. Jika 40 ran Alhamis, shi ya cire, yana da rasi. Jika 50 a na'urar cire kuɗi ta Damagaram, Juma'a da ƙarfe 9:15 na dare, shi kuwa yana gida. Sai jika 15 na sayayya ta intanet, Asabar da ƙarfe 11:05.

Jika 15 ɗin sun fita bayan ya kira, hujjarsa a kansu mai ƙarfi ce, kuma nan ne ƙarfen da ya rubuta ya yi masa rana. Sayayyar intanet ba ta neman kod. Lambobi 16 na gaban kati, da watan ƙarewarsa, da lambobi 3 na baya sukan isa. Jika 50 ɗin su ne da wuya, don na'ura ba ta ba da kuɗi sai da kod. Banki zai tambaye shi yadda kod ya shiga hannun wani. In a takarda ya rubuta ya naɗe tare da katin, kamar yadda da yawanmu ke yi, da ƙyar a maida masa. Duk da haka ya rubuta ƙorafi, layi da layi: rana, ƙarfe, wuri da adadi. A duba ranar da aka yi cirewar, ba ranar da banki ya shigar da ita ba, domin wata takan yi kwanaki kafin ta bayyana. Bayan mako guda a sake dubawa.

Ga ƴan ci-rani da suka bar kati hannun ƙane ko matar gida: banki da mai asusu yake magana. In katin ya ɓace a Tarka, kai da ke can za ka kira, sannan ka tambaye su yadda za ka aiko da tabbacin a rubuce, da irin takardar wakilcin da suke karɓa kafin wani ya amso maka sabon.