Zazzaɓi, Masassara Ko Maleriya?

Ɗalibin koyon aikin jinya da aka tura unguwannin Kakuri ko Nasarawa a Kaduna ya wayar da kan jama'a, kafin ya yi sallama a gidan farko akwai abin da ya kamata ya yanke: da wane suna zai kira cutar?

Zazzaɓi zafin jiki ne kawai. Ƙyanda na kawo shi, taifot ma haka, har da ciwon kunne. Masassara kuwa, a bakin mutane da yawa, ta fi karkata ga rawar sanyin da ke sa mutum neman bargo da rana tsaka. Duka biyun abin da ake ji a jiki suke faɗa, ba su ambaci mai laifi ba.

Maleriya baƙuwa ce. Daga Italiyanci ta fito, ma'anarta gurɓatacciyar iska, domin mutanen da sun zaci tururin fadama ke kwantar da su. Ingilishi ya are ta, mu kuma muka karɓa daga bakin likitoci. Sai a 1897 Ronald Ross ya ga ƙwayar cutar a cikin sauro a Indiya, amma sunan ya riga ya zauna.

Shi ya sa nake son namu: zazzaɓin cizon sauro. Dogo ne, amma darasi ne sukutum, ga alama ga kuma sanadi.

To a kudancin kogin Kaduna, inda Bagbagyi da Bayarabe da Ibo ke ciniki da Hausa a kasuwar Sabon Tasha, kalmar maleriya ce ta fi yawo, har ta kusa zama sunan kowane zafin jiki. Nan aikin ɗalibi ke lalacewa. Idan ya ce, "Mama, yaronki ya yi maleriya?" kusan kowace uwa za ta amsa da e, ya koma makaranta da lissafin zazzaɓi yana zaton na maleriya ne.

Gara ya raba tambayar uku. Jikinsa ya yi zafi cikin mako biyun nan? An huda masa yatsa an ɗibi jini? Me gwajin ya nuna? Ɗan allon gwajin nan cikin minti 15 zuwa 20 yake ba da amsa: layi ɗaya babu, layi biyu akwai. Yaron da aka saya wa magani a kemis ba gwaji, a rubuta shi a layin zazzaɓi. Giɓin da ke tsakanin amsar farko da ta biyu shi ne abin da ɗalibin zai yi wa unguwa bayani a kai, domin wanda taifot ke ci ba zai warke da maganin maleriya ba.

Malamai masu duba takardun tambayoyin nan, don Allah ku karanta su da Hausa da babbar murya kafin ɗaliban su fita.