Wasiƙar Barin Wurin Sanin Makamar Aiki Kafin Cikar Wa'adi: Nazari Daga Hayin Banki, Kaduna

Tsakure

Maƙalar ta duba wasiƙar da ɗalibi kan rubuta idan zai bar wurin sanin makamar aiki kafin wa'adinsa ya cika. Ta nuna cewa wasiƙar na ɗauke da kaya biyu, godiya da neman shaida, kuma sau da yawa kunya kan sa na farko ya danne na biyu.

Gabatarwa

An kafa Asusun Horar da Ma'aikata, ITF, a 1971, shi kuma ya ɓullo da shirin SIWES a 1973. A tsarin, ɗalibin difloma a kwalejin fasaha kan yi wata huɗu, na jami'a a fannoni irin injiniya kuma wata shida. Shaidar aikin tana cikin logbuk, wanda mai kula da ɗalibi ke sa wa hannu duk mako, da kuma Fom 8 da ake cikewa a ƙarshe. An gina Fom 8 ne bisa zaton an kai ƙarshen wa'adi. Wanda ya tashi a tsakiya, sai ya nemi wata takardar daban.

A unguwa irin Hayin Banki, da ke Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa kusa da Kawo, ɗalibi kan samu gurbi a ƙaramin wuri: shagon haɗa sola, ɗakin gwajin jini, garejin gyaran mota. Babu ofishin kula da ma'aikata. Oga shi ne mai koyarwa, shi ne mai hatimi, wataƙila ma abokin mahaifin yaron ne.

Misalin da aka gina don nazari

Mu ɗauka wata ɗaliba ta fara aiki a shagon sola ranar Litinin, 4 ga Maris 2024. Makonta na goma sha shida zai ƙare ranar Juma'a, 21 ga Yuni. Sai jinyar mahaifiya ta tilasta mata tsayawa ranar 17 ga Mayu. Ta yi mako goma sha ɗaya, saura biyar. Kodayake da Turanci ake rubuta irin wannan wasiƙa, ga gundarinta da Hausa:

"Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa, ina sanar da kai cewa saboda larurar gida zan tsaya da aiki ranar Juma'a, 17 ga Mayu 2024. Na gode da haƙurin da aka yi da ni, musamman wajen koya mini lissafin batir da haɗa inbata. Ina roƙon a ba ni takardar shaida mai hatimi, wadda ta nuna na yi aiki a nan daga 4 ga Maris zuwa 17 ga Mayu 2024. Mitar awo da makullin sito suna hannun babban yaron shago."

Sharhi

Godiyar ta kama sunan abin da aka koya. Wannan ba ado ba ne kawai, domin daga nan oga zai ɗebo abin da zai rubuta a shaidar. Dalilin tafiya bai wuce kalma uku ba, kuma ya wadatar.

Inda ake tuntuɓe shi ne roƙon. A tarbiyyar Bahaushe, yaro ba ya sallama da buƙata a baki ɗaya, don haka sai ya rubuta "a taimaka mini da takarda", ya yi shiru. Wace takarda? Oga na iya bayar da ta yabon hali, wadda babu kwanan wata a jikinta, kuma jami'in SIWES na makaranta ba zai iya ƙirga mako da ita ba. Wani ɗalibin kuma yakan rubuta "kusan wata uku", alhali wata biyu da rabi ne. Da zarar an buɗe logbuk an ga shafi goma sha ɗaya kaɗai ke da sa hannu, shaidar ta zama abar zargi.

Akwai kuma alherin da ke cutarwa. Oga mai tausayi kan ce bari ya rubuta "ta kammala", ya cike makonni biyar ɗin da hannunsa. A ganina wannan ya fi rashin takardar muni. Malamin da makaranta ta turo duba ɗalibai na iya zuwa a watan Yuni ya tarar ba ta nan, sannan a zaman kare rahoto za a tambaye ta aikin da ba ta taɓa gani ba. Kalmar da ta dace ita ce "ta yi aiki daga rana kaza zuwa rana kaza".

Shaidar tana da iyaka. Ba ta maye gurbin Fom 8, ba ta kuma tilasta wa makaranta karɓar makonnin. Makaranta ce ke yanke ko ɗaliba za ta ƙarasa biyar ɗin a wani wuri ko ta sake daga farko. Saboda haka sai ta fara sanar da sashen SIWES na makarantarta, ta miƙa wasiƙar tun da sauran mako guda ko biyu, ta riƙe kwafin da oga ya sa wa hannu, kuma ta karɓi shaidar kafin ta ajiye rigar aiki. Ƙaramin shago kan tashi ko ya sauya hannu, kuma bayan shekara guda da wuya oga ya tuna ko Maris ta zo ko Afrilu.