Tausayi Iri Biyu: Ganewa Daban, Ji Daban

Masana halayyar ɗan Adam sun kasa tausayi gida biyu. Na kai shi ne ka gane damuwar mutum, na zuciya kuwa zafinsa ya taɓa ka.

A ce mutumin Shadawanka, can Bauchi, ya kai bijiminsa kara don kuɗin asibiti. Dillali ya karanci matsuwarsa, sai ya karya farashi. Ya gane sarai, amma bai ji ba.

Na zuciyar ma yana da son kai. Paul Bloom ya nuna a littafinsa na 2016 cewa ya fi karkata ga naka. Shi ya sa in an taɓa ɗan'uwa a zango, mai zubar da hawayen ne zai iya huce haushi kan wanda bai san hawa ba, bai san sauka ba.