Tayar keke a titunan Yamai: faɗi, iska da zancen tubles

Masu saurarenmu da ke da yara ko ƙanne a Yamai sun sha tambayarmu me ya sa keken da suka aika bai gama wata ba sai a ji yana wurin mai faci. Sau da yawa laifin ba na keken ba ne, na faɗin taya ne da yawan iskar da aka sa mata.

Hanyar mai keke a Yamai ba iri ɗaya ba ce. Wanda ya taso daga Harobanda zai bi rairayi a lungun unguwa, ya hau kwalta mai ramuka, ya tsallake Gadar Kennedy kafin ya kai Babbar Kasuwa. Siririyar taya irin ta tsere, mai milimita 25 ko 28, tana nutsewa a rairayi, kuma sai an cika ta tam kafin ta ɗauki mutum. Mu dai shawararmu ita ce milimita 40 zuwa 50, in jikin keken ya bar mata wurin juyawa ba ta gogar ƙarfe.

Ana gane girman ne daga lambar da ke gefen taya. In an ga 50-559, to faɗin milimita 50 ne, 559 kuma girman rim ne. Wannan lamba ta biyu ita ce abin lura. Taya 26 x 1.95 rim ɗinta 559 ne, amma 26 x 1 3/8 nata 590 ne. Duk "26" ake ce musu, amma ɗaya ba ta shiga gurbin ɗaya. Haka 28 ɗin tsohon baƙin keke 635 ne, na yawancin kekunan Turai kuma 622. 'Yan uwa da ke waje, kafin ku sayi taya ku aiko, ku sa a ɗauko muku hoton wannan lamba.

Sai iska. Ga misalin ɗalibi mai kilo 70, kekensa da jakarsa kilo 20, a kan taya 50-559. Bar 3 a baya da bar 2.5 a gaba sun ishe shi, don nauyi ya fi sauka a baya. Da tayarsa mai milimita 37 ce, da sai ya kai bar 4 ko ɗan fiye a baya. Ranar da zai ɗora jarkar ruwa mai lita 25, ya ƙara wa ta baya kamar rabin bar, amma kada ya wuce iyakar da aka rubuta a jikin tayar. Wanda ba shi da ma'auni, ya hau keken wani ya duba masa: tayar baya ta ɗan lotsa kaɗan, ba ta baje ba, ba ta kuma tsaya ƙyam kamar itace ba.

A yi hattara da injin iska na masu facin mota, cikin ƙiftawar ido yake cika tayar keke fiye da ƙima. Zafin Afrilu kansa ba ya fasa taya mai lafiya, don bar 3 na safe bai wuce ya koma 3.3 da rana ba. Wadda aka cika har maƙura, ko wadda gefenta ya tsattsage, ita ke tashi.

Hujin da ke jikin tiyub, wato robar ciki, yana faɗin abin da ya faru. Tsaga biyu jere da juna kamar saran maciji alamar ƙarancin iska ce: keken ya faɗa rami, rim ya datse tiyub. Huji ɗaya ta wajen da ke taka ƙasa, ƙaya ce ko ƙusa, kuma in ba a shafa cikin tayar an cire ta ba, gobe ma za a dawo. In hujin yana ɓangaren rim, kan waya ne ke sukar tiyub, sai a sake kyallen da ke rufe cikin rim ɗin. Yagewa a gindin bawul ma yawanci tafiya da taya saɓa-saɓa ce ke kawo ta.

Tubles fa, wadda aka sani a babura? A keke tana aiki da wani ruwa mai danƙo da ake zubawa ciki, kamar mililita 60, yana toshe hujin ƙaya da kansa, kuma babu tiyub ɗin da rim zai datse. Sai dai dole rim da taya su zama waɗanda aka ƙera don haka, ga shi ruwan yana bushewa cikin 'yan watanni, a zafinmu ma ya fi saurin bushewa. In ya bushe, ƙaya ɗaya ta isa ta sauke mutum a hanya. Don haka ga ɗalibi ko ɗan kasuwa a Yamai mun fi son faffaɗar taya da tiyub mai kauri, wanda kowane mai faci zai gyara. Wanda aka aiko wa keke mai tubles, a haɗo masa da gorar ruwan, shi kuma ya riƙa yawo da tiyub ɗaya a jaka, don ana iya cire bawul ɗin tubles a saka tiyub a kai gida.